Ƙaya da Shafi na Tara

Yayata ta shafe shekara goma sha bakwai tana tace maƙalu a ofishin mujallar tsangayar noma, wani ɗan ɗaki mai fanka mai kuka a bayan laburare. Malamai suna kiranta Ƙaya. Laifinta ɗaya ne: in ka kafa hujja da wata takarda, sai ta nemo takardar ta karanta. Su kuwa jera sunayen marubuta suke yi don ado, kowa na kwafa daga na gabansa.

Ran nan wani farfesa mai ji da kai ya turo maƙala. Ya rubuta cewa bincike ya tabbatar wani taki yana ninka amfanin masara, ya jingina maganar da wata tsohuwar takarda. Yaya ta buɗe ta. A shafi na tara, jadawalin ya nuna an gwada takin a gonaki shida, ba a ga wani bambanci ba. Ta ja layi da jan biro, ta mayar masa.

Sai ga shi ya faɗo ofis ko sallama babu, yana huci.

“Ke wace ce za ki gyara mini? Tsohuwar takardar nan fa ni na rubuta ta!”

Gaskiya ne. Sunansa ne a farko, sai na ɗalibai uku da suka sha rana a gonakin.

Yaya ta tura masa shafin a hankali.

“Na ga sunanka a kai, ranka ya daɗe. Shi ya sa na zaci ka taɓa karanta ta.”