Hoton Malam Isufu Guda Ɗaya

Shagon ɗinkina da ɗan buron Badi'a, wato ofishinta, bango ɗaya ya raba su, nan bakin titin da ya nufi tashar Konni. Shekara huɗu ina jin muryarta ta bangon nan tana faɗa da masu kawo mata aiki, don haka in na ce na san ta, to na san ta.

Ɗiyar Malam Isufu ce, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana lodin siminti a Malbaza. Ta yi lakwal, karatun boko, har ta samu bak, takardar gama sakandare, ba ta samu aikin gwamnati ba, sai ta koyi saka talla a Fesbuk. Mai irin albasa, mai atamfa, mai sabon kanti, duk wajenta suke zuwa. Kuma wallahi Badi'a ba ta da sauƙi. Ni kaina ta taɓa kashe mini tallar ɗinkin sallah ana saura kwana biyar, na shiga ina ta masifa, ta juyo mini da kwamfuta.

“Jummai, zauna ki gani. Wannan layin kubertir ne, yawan mutanen da tallarki ta kai gare su. Wannan kuma yawan fitowar da ta yi a wayoyi. In kin raba na biyu da na farko, shi ne repetisiyo, sau nawa mutum guda ya gan ta. Naki ya haura huɗu, sabbin mutane sun daina ƙaruwa, masu taɓawa sun ragu. Sun gaji da rigar nan. Kawo mini wani hoto, ko a huta.”

Na kawo wani hoto ina ƙunƙuni, aiki kuwa ya dawo. Tun ran nan ban sake musu da ita ba.

Bara da kaka Malam Isufu ya ɓace. Dama tsufa ya fara rikita masa tunani. Wata safiyar Talata ya sa hula ya ce wa matarsa Inna Tsahara zai tafi aiki Malbaza, aikin da ya bari shekara ashirin. Ta ɗauka ƙofar gida zai zauna kamar kullum. Har azahar babu shi.

An kai wa jandarma, an ba da cigiya a rediyo da masallatai, samari sun bi hanya a babura har Tsarnawa da Dogarawa. Badi'a kuma ta yi abin da ta iya, ta saka cigiyar a matsayin talla don ta shiga wayar duk wanda ke tsakanin Konni da Malbaza. Sai dai hoton tsohon guda ɗaya ne tak a duniya, na jikin katinsa na ɗan ƙasa, tun yana da kumatu. Mutum ne da in ka ɗaga waya sai ya juya maka ƙeya. Kai, Malam Isufu, ka yi mana!

Kwanakin farko abin ya yi kyau. A rana ta uku mutum dubu tara sun gani, kowa kamar sau ɗaya da rabi, ana ta rabawa, waya na ta ƙara. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a Tsarnawa, aka je, ba shi ba ne. A rana ta takwas na shiga kai mata fura na tarar ta zuba wa kwamfutar ido.

“Ya fara,” ta ce. “Dubu ashirin da ɗaya, ya tsaya nan. Repetisiyo huɗu. Shekaranjiya kira bakwai, jiya biyu.”

“To sauya hoton mana,” na ce, ni sarkin wauta. Ta kalle ni kawai, na ji kamar in nutse.

Duk dabarar da take yi wa mutane ta yi wa kanta. Ta sauya launi, ta sauya rubutu. Ta ɗauki muryar Inna Tsahara tana roƙo ta ɗora a kan hoton, mutane suka ɗan farfaɗo kwana uku suka sake kwantawa. Ta buɗe wata tallar daban ga mutanen Tawa da Sakkwato, can dubbai suka gani, kowa na rubuta Allah ya bayyana shi. Amma tsohon da ke tafiya a ƙasa da silifa, me zai kai shi Tawa? Mutanen da ya kamata su gan shi na kusa ne, su kuma duk mai Fesbuk a cikinsu ya riga ya gani har ya ƙoshi. Sauran, matan bakin rijiya da makiyaya da masu yankan gero, wannan tallar ba ta san hanyar da za ta kai gare su ba.

A rana ta goma sha biyar ta kira wanta Maman Sani, direban mota, babba a gidan, ya zo buron. Ta bangon na ji komai.

“Yaya, a tsayar da ita ko kwana goma ne. In an dawo da ita idon mutane zai sake kama ta.”

“A tsayar? Ke da kanki kin nuna mini an gani sau dubu ɗari da hamsin!”

“Mutane ɗaya ne suke ta gani, Yaya. Sun kusa sau bakwai kowannensu. Har an fara danna a ɓoye ta. Mutum tamanin sun ɓoye fuskar Baba.”

“’Yan banza ne. Ke kuma ubanki yana daji kina maganar hutu? In ran da kika kashe ta ne ran da wanda ya gan shi zai buɗe waya fa?”

Badi'ar da ta kori babban ɗan kasuwa daga buronta a kan repetisiyo biyar, yau ta ƙyale wanta ya fita da maganarsa. Ni ma da nake jin haushin Maman Sani, na rasa inda zan kama shi, domin ba ƙarya ya faɗa ba. Ita ma ba ƙarya ta faɗa ba. Na zauna gaban keke na kasa taka shi.

Ba ta kashe ba. Ta ci gaba da buɗe kwamfutar kowace safiya tana kallon lambar na hawa, takwas, tara. Wata rana wata mai kawo mini ɗinki tana zaune tana latsa waya, hoton ya fito, ta yi tsaki ta ce, “Wai tsohon nan har yanzu?” ta wuce da yatsa. Na miƙa mata atamfarta na ce ta nemi wani tela. Daga baya na tuna ni ma da safen nan na wuce shi ban tsaya ba, kuma ni ya sha ba ni goro.

Ran kwana ashirin da uku na raka Badi'a gida da la'asar. Inna Tsahara na zaune a tabarma da carbi, ta rame ƙwarai. Ba ta iya karatu ba, amma ta gama fahimtar abin nan fiye da ɗanta.

“Badi'a, ban tambaye ki yawan gani ba. Sabbi nawa yau, waɗanda ba su taɓa ganinsa ba?”

Badi'a ta duba waya.

“Goma sha ɗaya, Inna.”

“Jiya fa?”

“Talatin.”

Tsohuwar ta ja carbi biyu uku. Ta ce, “To gobe ƙila babu ko ɗaya ke nan.”

“Ƙila, Inna.”

“Bar shi dai. Kar ki cire shi. Ko sun gaji da shi, nan kaɗai na san inda yake.”