Ɗan Makullin Mama da Ya Karye a Ƙofar Sito

Ni fa tun ina sakandare nake sayen tsofaffin makullai a kasuwar Sabon Gari, ina kwance su ina mayarwa. A waya na koya. Mama kullum sai ta ce, "Ke, 'ya mace da tarkacen ƙarfe!"

Ranar wata Asabar ana ɗaurin aure a cocinmu na Samaru. Mama ce mai riƙe ɗan makullin siton zumuntar mata, inda ake ajiye tulunan kiɗa da gangunan da za a raka amarya da su. Ta murɗa da gaggawa, ƙas! Rabi a hannunta, rabi a ciki. Kafin ka ce me, mata sun fara ƙus-ƙus, wai ba ta iya riƙon kaya ba.

Akwai wani ɗan makullin a wurin matar fasto, an tura mai acaɓa. Amma ina zai shiga, guntu ya toshe ramin?

Wata iya ta ce, "A zuba man ja mana."

Wani dattijon coci ya ce, "A'a, sufa gulu za a shafa wa wancan rabin, a manna, a jawo."

Na ce, "Baba, don Allah kar a yi. A ciki akwai ƙananan filoli na ƙarfe, kowanne da sifirin ɗin da ke danna shi. Gulu ya taɓa su, ko makullin matar fasto ba zai buɗe ba."

Ya ce, "To, injiniya, bismilla."

Na ruga gida na ɗauko jakata. Da na leƙa ramin, sai na ga ya ɗan karkace, Mama ta fara murɗawa kafin ya karye. A haka filolin sun cije haƙoran guntun, ko giwa ce ba ta jawo shi. Na sa bakin ƙaramin sukundireba a gefe, na mayar da ramin tsaye, ban tura guntun ciki ba. Na fesa mai kaɗan. Sai na ɗauko siririn zarton da na goge da kaina, haƙoransa na kallona, na zura shi ta gefen guntun, cikin kwarinsa, nesa da filolin. Na ɗan juya ya ciza, na ja a hankali. Ya suɓuce. Na sake. Ya suɓuce.

Mama ta ce, "'Yar nan, ki bari a fasa."

"Mama, yi shiru mana!"

Can sai ga kan guntun ya leƙo kamar ƙwayar shinkafa. Na kama da filaya na zaro shi.

Mai acaɓa na isowa, Mama ta karɓi makullin matar fasto ta sa. Ya juya sumul. Mata suka rangaɗa guɗa, suka yi ciki suna kwasar tuluna.

Iyar nan mai man ja ta ce, "'Yar wace ce wannan?"

Mama ta gyara ɗankwalinta. "Tawa ce."