Abin da Ke Ƙarƙashin Agogon Baba

A shagon kayan waya da take aiki, ba mai kiranta da sunanta. Tir suke ce mata, don ita ce kalmar da ke fara fita daga bakinta in mai saye ya miƙo mata wayarsa. Ita kuwa ko a jikinta. Ta ce ai duk wanda ya wuni yana karɓar wayoyin mutane dole ya san ɗan Adam ƙazami ne. Wani zai kawo tasa da maiƙon abin da ya ci, wata da hodar fuska ta toshe ramin magana, wani kuma sai an buɗe rigar wayar a tarar da gashi da ɓawon farce da abin da Allah kaɗai ya san mene ne. Shi ya sa kullum akwai safar hannu ta roba a aljihunta, da kwalbar sifirit da auduga a gefen damanta, ba ta taɓa komai sai ta goge.

Tun tana yarinya haka take. Ba ta shan ruwa a kofin da wani ya sha, in ƙuda ya sauka a farantinta ta ƙoshi ke nan. 'Yan gida suka ce gado ta yi, gaskiya ne kuwa. Babanta mai wanki da guga ne, mutumin da in ya fito da farar riga sai ka ji kunyar taka. Har ya daina sana'ar ba a taɓa ganin ƙarƙashin farcensa da baƙi ba. Ita ce autarsa, ita kaɗai yake bari ta ninke kayan mutane, don ya ce hannun sauran kamar na masu sayar da gawayi.

Yanzu Baba ya tsufa, Mama ta rasu, yana zaune shi kaɗai a ɗaki da falon da suka tashi a ciki. Babban yayansu ya so ya kwashe shi zuwa gidansa a can ƙarshen gari, Baba ya ce sai dai a fitar da gawarsa. Da ƙyar aka sasanta a kan agogon zamani, irin wanda ke auna bugun zuciya, in mutum ya faɗi ya aika saƙo wayar Yaya. Sharaɗin ɗaya ne: muddin agogon na aiki, Baba na gidansa.

To sai agogon ya fara mutuwa. Yau ya ɗauke da rana, gobe ya kwana a mace. Rannan sai Yaya ya kira ta.

"Auta, na gaji. Ke ce kika san kayan nan. Ki je ki duba. In bai gyaru ba, ƙarshen mako zan zo da mota, ko yana so ko ba ya so."

Ta tashi daga aiki ta nufi can da jakarta. Rabonta da shiga ɗakin barcin Baba har ta manta. Kullum a falo take tsayawa, ta ɗosana a bakin kujera, ta ajiye cefane, ta ce shago na jira. Yau da ta ɗaga labule wani wari ya tare ta, na man zafi da zufa da ɗakin da ba a buɗe taga. Ta haɗiye kalmar tata.

"Baba, sannu da hutawa."

"Yauwa 'yar auta. An aiko ki kama ɓarawo?" Ya yi dariya, amma ya ja hannun rigarsa ya rufe agogon. "Ki gaya wa yayanki kayan banza ya sayo. Ina sa shi a caji, ya wuni bai cika ba."

"Bari mu gani. Ina cajar?"

Ya nuna da haɓa. A shago ƙa'idarta ɗaya ce: abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san mai laifi ba. Ta fara da soket. Wani dogon soket ne na ƙasa, ramukansa sun saki, ga ƙura ta yi masa bargo, ga mataccen kyankyaso ya miƙe ƙafafu a gefe. Ta sa safar hannu, ta ture shi da takalmi, ta mayar da kan cajar soket ɗin bango. Kan cajar ma wani tsoho ne marar suna wanda ya zo da tocilan, irin waɗanda ke ba da wuta kamar ana roƙonsu. Ta jona wayarta a jiki, alamar caji ta zo ta ɗauke, ta zo ta ɗauke. Ta cire, ta sa nata mai kyau da ta zo da shi.

Sai igiyar. Ta bi ta da yatsu daga kai har gindi tana lanƙwasawa a hankali, tana neman inda ta kumbura ko ta tsage, musamman wuyanta inda suka fi karyewa ta ciki. Lafiya lau, sai dai danƙo. Ta juyo bakin da ke manne wa bayan agogo, mai maganaɗisu da 'yan fil biyu na ƙarfe. Nan ta yamutsa fuska. Maganaɗisun ya janyo garin ƙarfe ya yi gemu, sannan wani abu ruwan ƙasa ya daskare a kewayen fil ɗin. Ta zare igiyar daga wuta ta danna su da farce. Ɗaya ya shiga ya dawo, yadda ya kamata. Ɗayan ya shige ya zauna abinsa, datti ya riƙe shi.

"Baba, me kake shafa wa abin nan? Tuɓo agogon in ga bayansa."

"Ba sai an tuɓe ba."

"Ta yaya zan duba ba a tuɓe ba?"

"Yadda nake yi mana." Ya karɓi igiyar, ya cusa bakinta ƙarƙashin agogon yana ɗaure a hannunsa, ya danne da ɗaya hannun. "Haka nake zama kusa da soket. In na gaji in cire."

Ta tsaya tana kallonsa. Bakin cajar a karkace yake, rabi a kan agogo rabi a kan fata, da ya motsa sai ya goce. Ina wuta za ta shiga?

"Tun yaushe rabon da ka cire shi?"

Ya kalli taga. "Tun da yayanki ya ɗaura min."

Watanni ke nan! Ta durƙusa, ta kama hannun, ta zare harshen maɗaurin daga raminsa. Agogon bai faɗo ba. Sai da ta ɓamɓaro shi, ya taso da wata 'yar ƙara kamar an ɗaye filasta. Warin da ya biyo baya ya sa idonta ya kawo ruwa. Fatar wurin ta yi fari fat ta jiƙe, gefenta ja, har ta fara tsagewa. Bayan agogon kuwa, inda ɗigo biyu na ƙarfe ya kamata su riƙa ƙyalli, wani kunu ne ya bushe: zufa, man zafi, matacciyar fata, da kore-kore inda gishirin zufa ya fara cin ƙarfen.

"Tir!" Kalmar ta kuɓuce mata kafin ta kama bakinta. Ta ruga bayi ta tsaya a kan wurin wanke hannu tana kakarin amai. A nan ta ga ledoji a rataye a ƙusa, ta gane da su yake naɗe agogon in zai yi wanka, don kada ruwa ya ɓata kayan Yaya, damshi ya kwana a ciki. Ta ga sabulu ya bushe ya tsattsage. Ta ga man goge baki an yanka cikinsa da wuƙa, don murfin ya gagara buɗewa. Ƙyamar ta juyo kanta. Yaya ya ɗaura wa tsoho na'ura ya koma yana kallon waya, ita kuma 'yar gaban goshi tana zuwa tana gaisuwa daga bakin kujera kamar mai karɓar haya. Wayoyin baƙi ma tana taɓa su fiye da yadda take taɓa ubanta.

Ta dawo ta cire safar hannun. Hannunsa ta fara wankewa da ruwan ɗumi, ta tsane da tawul, ta ce a bar wurin ya sha iska, gobe a nuna wa likita. Sannan ta zauna a ƙasa da agogon, wanda dama a mace yake. Ta ɗiga sifirit a auduga ta jiƙa dattin, ta bi da tsohon burushin haƙori mai laushi.

"Ga allura can, ki kankare," in ji Baba.

"A'a Baba, allura kan goge rufin ƙarfen, gobe tsatsa ta fi haka."

Audugar farko ta fito baƙa, ta biyu ruwan ƙasa, a hankali ɗigon biyu suka fito suna haske. Ta share garin ƙarfen daga maganaɗisun, ta yi ta danna fil ɗin da ya maƙale da jiƙaƙƙiyar auduga har ya saki ya riƙa dawowa. Ta bar su suka bushe sarai. Ta shimfiɗa agogon a kan tebur, ta kawo bakin cajar, ya manne da kansa ƙas. Fuskar agogon ta tsaya baƙa.

"Ya mutu ko?" Muryar Baba ta yi ƙasa.

"Batirin ne ya ƙare ƙarƙaf. Sai ya ɗan sha tukuna."

Suka zuba masa ido kamar masu jiran jinjiri ya yi kuka. Can sai alamar ta fito, ta tsaya, ba ta ɗauke ba. Baba ya yi ajiyar zuciya, ya washe baki.

"Allah ya yi miki albarka. Kira yayanki ki gaya masa."

Ta zare agogon daga caji ta ɗora masa a ɗaya hannun. "Ɗaura in gani, Baba. Kullum sai an cire an goge, an ajiye shi a tebur ya sha wuta."

Ya kama maɗaurin. Yatsun suka yi ta zamewa, sun kumbura a gaɓoɓi, sun ƙi lanƙwasuwa. Ya gwada da haƙori. Agogon ya sulale kan katifa. Sai yanzu ta lura rigarsa ba maɓalli ko ɗaya a rufe, kuma ashanar da ke kan tebur duk a karye take, ba wadda ta kama.

Wayarta ta yi ƙara. Yaya ne.

"Yaya dai? Ya gyaru?"

Baba ya kafe ta da ido, yana girgiza kai a hankali. Da ta ce kan caja ne kawai, da magana ta ƙare, kuma ba ƙarya ta yi ba.

"Agogo ya gyaru, Yaya," ta ce. "Hannun Baba ne ba sa aiki. Ko ashana ba ya iya ƙyastawa. Ka zo da motar."

Ta kashe. Baba ya kwanta ya juya fuskarsa bango. Ta kai hannu kafaɗarsa, ya janye.

"Ni na ce a aiko ki," ya ce. "Da na sani, da na bar dattina inda yake."