Kawu da farashin ruwan garinmu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, falken tattasai ne kafin ya zama mai ruwan garinmu. Garin yana bakin Komadugu, ba nisa da Diffa, kuma rijiyar burtsatse ɗaya gare shi, da tanki ɗaya. Magajin gari ya ba Kawu kwangilar tafiyar da su. Duk mai son ruwan famfo, wajensa zai zo, ko ya koma kogi ya sha tare da shanu. Ni kuwa na gama makaranta ba aiki, sai mahaifiyata ta kai ni da kanta, Kawu ya ba ni tebur da sunan mai lissafi.

Tun da ba shi da abokin gasa, ba shi ke yanka farashi ba. Duk ƙarshen shekara mukan je ofishin ruwa na Diffa da takardun abin da muka kashe. A tara kuɗin gazuwal, wato man inji, albashi da gyare-gyare, a ɗora masa wani kaso na riba a kan jarin da ya zuba, a raba duka bisa ruwan da ake sa ran sayarwa. Abin da ya fito shi ne kuɗin jarka.

Kawu bai yi boko ba, amma zama guda ya haddace karatun. A hanyar komawa gida ya ce mini, "Kai ɗana, in na ƙona gazuwal, mutanen gari ne suka ƙona?"

Na ce, "Haka ne, Kawu."

"In kuma na sayi inji, har lada ake ba ni a kansa?"

"Ana ba ka riba a kan kuɗinsa."

Sai ya ce, "Allah ya yi wa wanda ya tsara wannan albarka."

Injinmu na da lafiyarsa, amma Kawu ya sayo wani daga Damagaram wanda zai iya haska asibiti. Ya gina ofis mai bene a garin da ba wanda ya taɓa hawa matakala, ya sayi mota kat-kat mai ratsa rairayi ya rubuta ta cikin kayan aiki. Dangi kuwa suka cika wurin. Muna da mai gadin tanki, da mai gadin ƙofar tanki, da wani tsoho da ban taɓa sanin aikinsa ba sai dafa shayi. Bututun kasuwa ya fashe har agwagi suka tare a wurin, ba wanda ya ɗaga fartanya. Me za a yi wa gaggawa? Ruwan da ya zube ma, masu saye za su biya shi baɗi. Farashi ya riƙa hawa, mata suna zagin Kawu a layin famfo, shi kuma yana cewa hukuma ce ta yanka.

Ana nan aka turo wata injiniya daga yamma zuwa ofishin ruwa. Hausarta ta Zabarmawa ce, tamu mai gamin Barebari, kowa na dariyar ta ɗan uwansa a ɓoye. Ta zo ta ga benen, ta ga agwagi, ta sha shayin tsoho ta yaba. Da lokacin sabunta kwangila ya yi, ta tara mu da magajin gari da wakilan masu shan ruwa.

Ta ce, "Alhaji, daga yanzu ba ruwanmu da abin da ka kashe. Ga farashin da ba za ka wuce ba har shekara huɗu. In kaya suka yi tsada a ƙasa za a ɗaga maka, amma ƙasa da yadda suka hau, don mun san akwai kitsen da za ka rage. Abin da ka yi tsiminsa naka ne. Abin da ka ɓarnatar ma naka ne."

Kawu ya ce, "Madam, injin fa? Benen fa?"

Ta ce, "Allah ya sa ka ji daɗinsu."

Ya so ya ajiye kwangilar, sai ya ga wani ɗan Maine-Sorowa mai neman kwangilar zaune can baya yana murmushi. Ya sa hannu.

Ban taɓa ganin tuba mai sauri irin wannan ba. Mutumin da bai san hanyar kasuwa da ƙafa ba, sai ga shi tsaye cikin taɓo, riga a naɗe, yana yi wa masu gyaran bututu tsawa. Agwagi suka yi ƙaura. Ya sayar da babban injin ga masu ban ruwan tattasai, ya kafa farantai masu aiki da hasken rana, ya bar ƙaramin inji don ranar hadari. Benen ya ba wata ƙungiyar agaji haya. Dangi kuwa, ni ya sa na riƙa sallamarsu ɗaya bayan ɗaya, shi yana ɓuya a gona. Da na gama, ya kira ni ya ce ya lura lissafin ya ragu ƙwarai, ɗiyarsa za ta iya yi a waya. Mahaifiyata ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa.

Sai dai tsimi ba ya sanin inda zai tsaya. Da kitse ya ƙare, Kawu ya shiga yankan tsoka. Ya rage maganin da ake zuba wa tanki. Famfon unguwar da 'yan gudun hijira suka sauka ya lalace, ya auna tsawon bututun da ɗan cinikin wurin, ya ga gyara ba riba, ya ce ana jiran kaya daga Yamai. Yara suka koma ɗibar kogi, zawo ya shiga unguwar, na ga mata suna goya su zuwa likita da rana tsaka. Wannan ba abin dariya ba ne, kuma ban yi ba. Madam ta zo da kwalabenta ta auna ruwan, ta ci shi tara mai zafi, ta ce ita ma da laifinta, da ta ɗaure farashi ta bar ingancin ruwa a sake. Aka ƙara sharuɗɗa a kwangila. Kayan da ake jira daga Yamai suka iso a ranar, daga ɗakin ajiyar Kawu.

A shekarar ƙarshe ya aiko a kira ni. Na same shi da fara'a, ya ce zumunci ya fi dukiya, in dawo, in kuma kirawo sauran. Na gane. Za a sake yanka farashi, kuma in aka ga yana kashe kaɗan, za a sauko da shi. Don haka yana son a same shi da nauyi. Na karɓa, don ina da iyali. Muka yi watanni muna cin albashi muna kallon tanki.

Ranar zama Kawu ya yi dogon bayani, ya ce ruwa ya talauta shi. Madam ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ita shekarun huɗu duka ta duba, ta kuma duba abin da masu irin aikinsa ke kashewa a garuruwan kwarin Komadugu. Ta sauko da farashi, ta bar masa abin da ya riga ya ci.

Ya ce, "Wato ladan wanda ya yi ƙoƙari a rage masa?"

Ta ce, "Ka ci naka shekara huɗu, Alhaji. Yanzu layin mata ne."

Sati bai zagayo ba aka sake sallamarmu. Har yau shi ke sayar da ruwan garin. Duk wanda ya zauna da shi zai ji cewa asara yake yi, don Allah kawai yake riƙe da aikin. Magajin gari ya taɓa ce masa, in abin ya yi nauyi ya kawo makullin tanki a huta. Kawu ya shafa aljihu ya ce ya manto shi a wata riga.