Ƙuri'a Ashirin na Malam Kashi-Nawa

A kamfanin katifar nan ba wanda yake kiran sakatare da sunansa na yanka. Malam Kashi-Nawa ake ce masa, don ko cewa ka yi ma'aikata sun yarda a sauya lokacin tashi, sai ya sauke tabarau ya tambaye ka kashi nawa ne suka yarda. Shekara ashirin da bakwai ya yi a wani ɗan ofis da ke bayan sito, inda ƙurar soso take sauka a kan komai. Littattafan rahoton taro ne kawai ba ta samu, don su a cikin leda yake ajiye su, a kabad mai makulli biyu.

Karatunsa biyu ne, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya sha su. Ƙuduri na yau da kullum, irin naɗa darakta ko sabunta aikin odita mai binciken kuɗi, in ya wuce rabin ƙuri'u ko da ɗaya ne, ya zauna. Ƙuduri na musamman kuwa, irin sauya sunan kamfani ko taɓa dokokinsa, sai ya kai kashi saba'in da biyar cikin ɗari. A dokar kamfanin kowane hannun jari ƙuri'a ɗaya ne. Har matarsa ta haddace, takan ce zuwa gidan iyayenta ma a wurinsa ƙuduri na musamman ne.

Hannun jarin kamfanin dubu ne cif. Marigayi mai kamfanin ya bar wa 'ya'yansa biyu, babban da ake kira Shugaba da ƙanensa Ƙarami, ɗari uku da saba'in kowanne. Ƙanwarsa, wadda kowa yake kira Gwaggo, tana da ɗari biyu da arba'in tun farkon kafawa. Ragowar ashirin na Malam ne, Marigayi ya ba shi kyauta da ya cika shekara goma a aiki. Tun ranar ya yi wa kansa doka: hannun da yake riƙe da biro ba zai kaɗa ƙuri'a ba. Yana ji da wannan doka ƙwarai, kuma ba ta taɓa cin sa komai ba, don a zamanin Marigayi ba a jayayya. In ya yi gyaran murya kowa ya amince, Malam ya rubuta: “An zartar da kashi ɗari cikin ɗari na ƙuri'un da aka kaɗa.”

Shekara biyu da rasuwar, 'ya'yan suka ce sunan kamfanin ya tsufa. Sunan kakarsu ne, mahaifiyar Marigayi da Gwaggo, wadda ta fara sana'ar da cusa auduga a matashin kai a tsakar gidanta. Su kuwa wasu haruffa uku na Turanci suke so, wai sun fi kyau a jikin mota. Malam ya fitar da sanarwar taro kwana ashirin da ɗaya kafin ranar, da hannunsa, ransa na ƙuna.

Gwaggo ta zo ofishinsa da sandarta, ta ƙi zama.

“Malam, gaya mini gaskiya. Yaran nan za su iya goge sunan Inna?”

“Hajiya, kwantar da hankalinki. Saba'in da huɗu gare su, ana neman saba'in da biyar. Ko su kwana suna tsalle ba za su kai ba.”

“Ka tabbata?”

“Wannan ai aikina ne.”

Kashegari Ƙarami ya shigo da fara'ar da ba a saba gani ba, yana kiransa Baba, yana tambayar lafiyar gwiwa. Ƙuri'a ashirin ɗin nan yake nema. Malam ya ce masa shi bai taɓa zaɓe ba, kuma ba zai fara da tsufa ba. Ƙarami ya fita ba sallama, Malam ya ji daɗin kansa har yamma.

Ranar taro aka zauna a ɗakin sama, fanka tana juyi tana ƙara. An fara da ƙuduri na yau da kullum, naɗa wani abokin Ƙarami darakta. Ɗari bakwai da arba'in suka amince, ɗari biyu da arba'in suka ƙi. Malam bai ko taɓa kalkuleta ba, ya ce ya wuce rabi, ya zauna. Sai aka zo kan suna. Aka raba takardun ƙuri'a, aka tattara, Shugaba ya ce an rufe zaɓe. Tasa takardar Malam tana ƙarƙashin kofin shayi, fara fat kamar kullum.

Adadin bai sauya ba. Shugaba ya yi tsaki ya fara tattara takardunsa, don shi ma ya san saba'in da huɗu ba saba'in da biyar ba ne, a bakin Malam ya koya. Gwaggo ta gyara mayafi tana murmushi.

Malam ya sunkuya yana rubuta jimlar da ya saba. Da biron ya kai kan “na ƙuri'un da aka kaɗa”, sai ya tsaya. Ba dubu aka kaɗa ba, ɗari tara da tamanin ne, don wanda bai kaɗa ba ba ya cikin lissafi. Shekara goma sha bakwai yana rubuta ɗari cikin ɗari alhali shi bai yi zaɓe ba, bai taɓa tambayar kansa yadda aka yi ɗarin ta cika ba. Ya jawo kalkuleta ya raba ɗari bakwai da arba'in da ɗari tara da tamanin. Saba'in da biyar da rabi. Ya sake, ba ta sauya ra'ayi ba.

Tsoro da kunya suka rufe shi. Ba wanda ya lura a ɗakin. Da zai rubuta “bai samu ba”, Shugaba zai sa hannu ba tare da ya karanta ba, kamar yadda ya gada. Ya dubi Gwaggo, ya dubi littafin da bai taɓa sa ƙarya a cikinsa ba.

“Ranka ya daɗe, a ɗan dakata,” ya ce. “Ƙudurin ya zauna.”

Sai da ya yi bayani sau biyu kafin Shugaba ya gane ya ci. Ƙarami ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce ashe Baba nasu ne tun farko.

Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. “Da ka rubuta a'a a takardar can fa?”

“Da saba'in da huɗu ne, Hajiya.”

“To. Ai ka ce aikinka ne.” Ta ɗauki sandarta, ta sauka matakala ita kaɗai, ta ƙi a riƙe ta.

Malam ya rubuta rahoton tsaf: nau'in kowane ƙuduri, kason da yake bukata, kason da ya samu, da layin da ya ce hannun jari ashirin ba su kaɗa ƙuri'a ba. Shi ya kai kwafin ƙudurin ofishin rajistar kamfanoni, shi ya karɓo takardar sabon suna. Ranar da aka sauke tsohon allo daga bakin ƙofa, Gwaggo ta aiko da mota aka kai mata gida.

Da shekara ta zagayo, Gwaggo ba ta zo taro ba, wakili ta turo. Ƙuduri ɗaya ne a takarda, na yau da kullum, sabunta aikin odita, kuma ba mai jayayya. Malam ya ajiye biro, ya jawo takardarsa daga ƙarƙashin kofi, ya cike ta a hankali. A karon farko ƙuri'a dubu suka cika a littafinsa, a kan maganar da ko bai zo ba, za ta wuce.