Fuskar Alhaji a mita shida

Bayan na gama jami'a da digirin lisansi, aikin farko da na samu na gwaji ne, wurin wani Alhaji ɗan Kano mai sayar da babura a Damagaram. Ya ce in tsara masa bandarol, wato babban ƙyallen talla na leda, na bakin hanyar Takieta, mita shida a tsawo, uku a faɗi, da hotonsa a kai. In ya yi kyau, zai ɗauke ni in riƙa yi masa talla. A gida, unguwar Birni, Inna har ta fara gaya wa maƙwabta.

Mai bugawa ya ce ordinater ɗinsa, wato kwamfuta, tana tsayawa in aka ba ta aiki mai girma haka. Sai dai in kawo ɗaya bisa goma, shi zai ninka. Na tsara santimita sittin da talatin. Rubutun na yi shi da zanen layi, wanda ba ya lalacewa komai girmansa. Hoto kuwa ba haka yake ba. Ɗigo ɗari uku a inci, in an ninka sau goma, talatin suka rage. Na sake lissafi sau da yawa. Daga kwalta, ido ba zai gane ba.

Alhaji ya leƙa allon ordinater ɗina, ya ga sittin.

"Kai, na ce bandarol, ka kawo mini sallaya?"

"Ninkawa za a yi, Alhaji. Ina ganin zai fito daidai. Wataƙila in an matso kusa sosai…"

"Kana gani ko ka sani?"

Na sani. Amma bakina bai saba faɗin haka ga babba ba. Na ce, "In sha Allahu."

Ranar da aka kawo, aka shimfiɗa shi a ƙasa gaban kanti. Alhaji ya sunkuya, gilashinsa kusan na taɓa ledar. Gemunsa ya watse ƙananan murabba'ai, idon kamar an shafa da yatsa.

"Zo nan, mai lisansi. Durƙusa."

Na durƙusa.

"Wannan ni ne? Ko ubanka ne?"

Makanikai suka fashe da dariya. Na ce a ɗaga shi a duba daga nesa. Ya ce, "Wato sai na yi nisa da kaina zan yi kyau." Ya juya wurinsu: "Ku sallami Malam Wataƙila. Ku ba shi ruwa, ya sha karatu."

Na ɗauka zai jefar da shi. Bayan sallar Juma'a na shiga mota zuwa Takieta, ba don ina da abin yi can ba. Ga bandarol an ɗaure, ga Alhaji yana murmushi, fuskar tar, har farin gashin gemu. Matar da ke kusa da ni ta ce, "Kai, wanda ya yi wannan ya iya aiki."

Na koma wurinsa da safe. Bai ɗago daga wayarsa ba.

"Mai bugawa ne ya gyara ɓarnarka," ya ce. "Gurbin kuma na ba ɗan ƙanena."

Har yau makanikan, in sun hange ni bisa hanya, suna kira, "Wataƙila! Ja baya kaɗan, mu ga ko ka yi kyau."