Wayar Da Na Lanƙwasa a Shagari

Shekarar da aka tura ni gwajin koyarwa makarantar 'yan mata a Shagari, Inna ce ke riƙe min jaririyata a Bodinga. Kuma ta gaya min ba ɓoye-ɓoye: "Bana kaɗai na ara miki bayana, ɗiyata. Ya gaji." Ke nan in na faɗi aka ce in maimaita, karatu ya ƙare.

Wanda zai zo duba ni kuwa dattijo ne daga kwalejinmu, aminin marigayi babana, mutumin da ko murmushi sai ya auna. An ce ya taɓa kayar da ɗan ƙanensa a irin wannan gwajin. Ni tun ina yarinya a durƙushe nake gaishe shi, in zan bar gabansa da baya-baya nake fita. A gidanmu ba a juya wa babba ƙeya.

Darasin ranar shi ne yadda ake gusar da zanen lissafi, a miƙe shi ko a kifa shi, da abin da hakan ke canzawa a rubuce. Na zaɓi y = x³ − 3x. Zanensa na da tudu a hagu, kwari a dama. Na sami wayar shanya na lanƙwasa ta daidai siffarsa, na yi ta gwadawa a jikin allo har na ƙoshi. Ƙara biyu a ƙarshen lissafin, waya ta hau sama taki biyu. Sa x − 2 duk inda x yake, ta matsa dama. Ni a tunanina na gama.

Sai ga dattijon ya shigo, ya ƙi kujerar baya, ya zauna a gaba. Yaya zan fuskanci allo ƙeyata na kallon Malam? Sai na juyo na fuskanci aji, na ɗaga wayar a gabana kamar mai tallar tsintsiya.

"Ga tudu a hagu," na ce. Shiru. Na ɗauka tsoronsa suke ji. "In muka sa x − 2, zane ya tafi dama." Na matsar da ita damata.

Malam ya ajiye biro. "'Yan mata, ina tat tahi?"

"Hagu, Malam," suka amsa baki ɗaya. Munafukai, ranar suka iya haɗa baki!

"Tudun fa?"

"Yana dama."

Innalillahi. Gumi ya keto min har cikin hijabi. Na dubi wayar: ga tudu a haguna, ban yi ƙarya ba. Na dubi yaran, su ma ba su yi ba. Ba abin da nake gani sai Inna tana kwance goyo tana miƙo min. Malam ya sake ɗaukar biron nan, ni kuwa na san abin da biron nan ke yi wa mutane.

Can abin ya faɗo min. Bayan wayar suke gani! Damata hagunsu ce. Abin da na nuna musu zanen da aka juya ne hagu zuwa dama, wanda ake samu in an sa −x a gurbin x, wato y = −x³ + 3x. Maganinsa ɗaya ne, kuma shi nake gudu tun safe.

Na ce, "Malam, a gafarce ni." Na juya masa baya.

Na manna wayar a allo, tudu ya koma hagu. Na ce wa yaran su lura, abin da suka gani ɗazu da wannan, −x ce tsakaninsu, na rubuta. Na matsar da ita dama taki biyu, ƙololuwar tudu ta bar −1 ta sauka kan 1, na rubuta (x − 2)³ − 3(x − 2). Na ɗauki alli na ninka lissafin farko da biyu: tudu ya tashi daga 2 zuwa 4, kwari ya ninka zurfi, amma wuraren da zane ke ratsa layin kwance ba su motsa ba. Allin ma ya karye. Duk wannan ina jin idonsa a ƙeyata kamar garwashi, ban waiwaya ba sai da aka kaɗa ƙararrawa.

Da zai fita na durƙusa. Ya ce, "Tashi, Malama." Bai taɓa kirana haka ba. "Kin ci. Da kin ƙara minti guda kina yi min ladabi, da na kayar da ke."

Na hau motar Bodinga na koma gida. Na tarar da Inna tana tankaɗe, yarinya na barci a bayanta.

"Mi anka yi?"

"Na juya wa Malam baya, Inna."

Ta saki rariya. "Aminin ubanki? Kin kashe mu!"

"Shi ya sa na ci."

Ta karkaɗe garin hannunta. Sannan ta kwance zanen goyon, ta ce, "To, juyo min bayan nan ni ma, in ɗora miki ita."